Jimla uku a kan Dam ɗin Tiga, kowace da irin shedar da take nema

Shafin majigi yana da wata siddabaru: duk abin da aka haska a bango da manyan haruffa sai ya yi kama da gaskiya. Shi ya sa a ƙungiyarmu ta Tudun Wada, kafin kowa ya tsaya gaban jama'a, mukan raba takarda gida uku: lambar shafi, jimlar kamar yadda aka rubuta ta, sai takardar da za ta iya tsaya mata.

Ga yadda muka yi da wata lacca kan Dam ɗin Tiga da ke Bebeji.

Shafi na biyu ya ce an gina shi tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Haka ne, amma bai faɗi inda aka samo ba. Muka rubuta: bayanan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Shafi na huɗu ya ce shi ne mafi girma a Afirka ta Yamma. Girma ta wace fuska, tsawon ganuwa ko yawan ruwa? In ruwa ne, Tiga an tsara shi ya riƙe kusan kubik mita biliyan 2, Kainji kuwa wajen biliyan 15, ba a ma zancen Akosombo na Ghana. Babu littafin da zai ceci wannan jimla, sai gogewa. Ko biliyan 2 ɗin ma muka ce a rubuta masa shekara, domin laka tana taruwa a gindin dam.

Inda muka daɗe shi ne shafi na bakwai: wai Tiga ce ta durƙusar da kamun kifi a fadamar Haɗeja da Nguru. Kowa a ɗakin ya yarda, kuma irin wannan jimlar ce ta fi saurin sulalewa ba a tambaye ta ba. Amma da'awa biyu ce a riga ɗaya. Cewa kifi ya ragu yana bukatar ƙididdigar kamu ta shekaru da dama. Cewa Tiga ce sanadi yana bukatar awon ruwan kogin kafin 1974 da bayanta, da awon ruwan sama na NiMet, saboda a tsakanin nan an sha fari a farkon shekarun 1970 da kuma 1984, sannan an kammala Dam ɗin Challawa a 1992. Hira da dattawan masunta sheda ce mai daraja, sai dai abin da suka gani take nunawa, ba ta raba laifin dam da na fari.

Kafin a samo waɗannan takardu, mai laccar ya mayar da jimlar: “Tiga na cikin abubuwan da ake dangantawa da raguwar ambaliya a fadamar.” A gefenta muka bar gurbin sunan rahoto, shekara da lambar shafi.