Hatsi ba ya haihuwa cikin rumbu

Shekara goma sha biyu ke nan ina koyar da manya karatu da lissafi. Akwai wata ɗaliba da ba ni mantawa da ita, mai saida ƙuli-ƙuli ce. Mutanen garinsu sun ce in ta ci jarrabawa, ita za a ba littafin rumbun tsimi ta riƙe.

Ranar jarrabawa na rubuta a allo: "Rumbu yana da tiya 85 na hatsi. An fidda tiya 27. Nawa suka rage?"

Ta rubuta 85 + 27 = 112. Ina tsaye bayanta, na gani, amma ba ni da ikon magana.

Da saura minti ɗaya, na fara karɓar takardu. Ta miƙo tata, sai ta janye hannu.

"Malam, dakata kaɗan. An ɗibi hatsi, kuma ya ƙaru? Hatsi ba ya haihuwa cikin rumbu!"

Ta bi lissafin, tarawar daidai take. Kuskuren yana wurin alama: ta sa ta tarawa (+) inda ya kamata ta sa ta cirewa (−). Nan take ta gyara: 85 − 27 = 58. Sannan ta maida 27 bisa 58, ta samu 85 cif.

Ta ci jarrabawa, aka ba ta littafin. Da ta rubuta 112 cikinsa, ranar awo sai a neme ta da tiya 54 da babu su.

Tun ran nan nakan ce wa ɗalibaina: kafin ku aje alƙalami, ku tambayi kanku, abin nan ƙaruwa ya yi ko raguwa?