Daren Bakwai Bayan Tiyatar 'Yan Wuya

Autana yana da shekara 6 lokacin da aka cire masa 'yan wuya, waɗanda a asibiti ake kira tansil. Minshari ya hana shi barcin kirki, ga ciwon maƙogwaro kusan kowane wata. A nan Legas aka yi aikin, muka kwana ɗaya aka sallame mu. Ni kuwa na ɗauka an gama, ban san sauran aikin a gida yake ba.

Kafin mu fito, likita ya auna shi, kilo 20. Ya rubuta farasitamol, miligiram 15 a kowane kilo, wato miligiram 300 duk bayan awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Ya ce in bi agogo, kada in jira sai yaro ya yi kuka, domin in ciwon ya riga ya tashi ba zai yarda ya haɗiyi ko da maganin ba. Ya hana asfirin saboda yana tsinka jini, ya kuma hana duk wani magani mai kodin, don yana iya danne numfashin yaro bayan irin wannan aiki. Na riƙa daidaita maganin da abinci: in ba shi, in jira kamar rabin awa, sannan in kawo koko mai ɗumi, ko ayaba, ko dafaffen ƙwai, ko tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ba yaji. Lemon zaƙi da abarba sai da muka ajiye, raɗaɗi suke sa masa. Abin da na fi sa wa ido shi ne ruwa, kurɓi kaɗan-kaɗan duk yini, ina duba fitsarinsa. In ya yi kaɗan ya kuma yi duhu, ruwan bai isa ba ke nan.

Rana ta uku na haska bakinsa da fitilar waya, na ga fari fat a gefe biyu, ga wari. Hajiya, surukata, ta leƙa ta ce, "Wannan ai ruwa ya yi, 'yar nan. A nemo wanzami ya duba." Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, an gaya mini ɓawon miki ne, haka yake zama fari a cikin baki." Ba ta gamsu ba, amma ta bari. Ciwon kunnen da ya fara kuka da shi ma daga maƙogwaron yake, jijiya ɗaya ce ta haɗa su.

Wannan ɓawo yakan fara saɓulewa tsakanin kwana 5 zuwa 10, kuma a lokacin ne ciwo ke dawowa sabo, a lokacin ne kuma jini ke iya ɓallewa. A nan na yi sakaci. Ganin ya fara wasa a rana ta biyar, sai na daina tashi ba shi maganin dare. Ciwo ya dawo, ya ƙi shan ruwa kusan yini guda.

Daren na bakwai na farka na ji yana ta haɗiyar yawu a cikin barci, a kai a kai. Da na kunna fitila ban ga komai a matashi ba, sai da na tashe shi ya tofar, na ga jini ja, kamar cikin cokalin shayi. Yaro yakan haɗiye jinin ne, shi ya sa abin da ake gani a waje ba ya nuna yawan wanda ya zuba. Wani sai dai a ga ya yi amai baƙi, ko ya yi fari ya galabaita. Babansa ya ce tunda ya tsaya mu bari sai da safe. Na ƙi, don likita ya ce ɗan jinin da ya tsaya yana iya zama share fagen babba. Na zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, ban ƙara ba shi ci ko sha ba ko da za a koma ɗakin tiyata, muka fita daga Agege ƙarfe biyun dare, titi ba kowa. Da rana ce, ban san awa nawa za mu yi a cunkoso ba.

Sun ga gudan jini a gefen dama, suka sa masa ƙarin ruwa, suka riƙe mu kwana biyu. Allah ya taimaka ba a sake shiga tiyata ba.

Makaranta kuwa sai da ya cika sati biyu cif, yana cin abincinsa, yana barci ba magani. Ba don ciwon kaɗai ba, har da gudun mura da tarin 'yan aji, da guje-gujen lokacin tara. Bikin ƙanwata a Kano ya faɗo a kwana na goma, na aika da gudummawata na zauna, don ban ga asibitin da zan nufa ba in jini ya ɓalle muna tsakiyar hanya.