Saƙo Uku Da Suka Dawo Wa Shagonmu Da Masu Ciniki

Uwargidana tana da ɗan shagon hatsi a nan Sabo, Ibadan, kuma ni nake rubuta mata saƙonnin da take tura wa masu ciniki ta WhatsApp. Da farko kowace safiya nakan tura dogon saƙo da manyan baƙaƙe: "GARAƁASA! KU HANZARTA!" da hotuna wajen goma. Ana nan sai wata hajiya da ta daɗe tana sayen gero a wurinmu ta ce min: "Malam Sakatare, na zaci 'yan damfara ne suka kwashe lambarku, shi ya sa na toshe ta." Ranar na ji kunya ƙwarai.

Da na duba, sai na ga saƙonni da yawa sun tsaya a kan alama ɗaya, wato ba su isa ba. Saƙon Broadcast yana shiga wayar wanda ya adana lambarka ne kawai, kuma jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256. Saboda haka muka fara roƙon mai saye ya adana lambar a shago, sannan mu tambaye shi ko yana son saƙon.

Daga nan na rubuta saƙo uku, na ajiye su a Quick replies na WhatsApp Business. Kaya, farashi da rana kawai muke cikewa.

Na sabon kaya: "Salamu alaikum, Maman Yara ce mai hatsi a Sabo. Sabon gero ya iso yau ___, kongo ɗaya naira ___. In ana so a ajiye, a faɗa min kongo nawa."

Na canjin farashi: "Salamu alaikum, Maman Yara ce. Daga ranar ___ wake zai koma naira ___ saboda kuɗin mota. Na ga ya dace ku sani kafin ku zo."

Na rufe shago: "Gobe ___ ba za mu buɗe ba, sai jibi da ƙarfe ___. A yi haƙuri."

Biyun farko suna ɗauke da sunan da aka san ta da shi, da magana ɗaya tak, da farashi a fili. Ba ma sa wurin latsawa, ba ma cewa "tura wa wasu". Ba ma kuma kwaso hoto daga wata hira, domin alamar Forwarded tana sa a ɗauka saƙon gayya ne. Sau ɗaya a wata mukan ƙara: "Wanda ba ya son saƙon ya faɗa, zan cire shi, ba komai."

Yanzu sau biyu a mako muke turawa, in babu sabon abu mu yi shiru. A kula da cike gurbi: na taɓa tura saƙon wake da "naira ___" a haka, muka wuni muna amsa tambaya. Hajiyar nan kuwa ta buɗe lambarmu, makon jiya ma ta sa an ajiye mata kongo biyar. Allah Ya sa albarka a kasuwa.