Shekarar da Muka Ci Riba, Muka Kasa Biyan Masana'anta

Na yi shekaru ina aikin akanta a wani kamfanin dillanci da ke da sito a Sharada. Ba ma ƙera komai. Muna sarar kayan roba, bokitai da kujeru da tabarmi da silifa, daga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, mu ba 'yan kasuwar Sabon Gari da masu zuwa daga Katsina da Maraɗi, mafi yawa a kan bashi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, alƙaluman kuma na dunƙule su don su yi sauƙin bi. Abin da lissafin 2024 ya koya mini shi ne kamfani yana iya cin riba ta gaskiya a takarda, ya kuma wayi gari ba shi da abin biyan wanda ke binsa.

Cinikinmu na shekarar ya kai naira miliyan 1,200, kayan da muka sayar kuma mun saro su a kan miliyan 1,020. Rarar miliyan 180 ita ce ɗanyar riba. In ka raba ta da ciniki za ka samu kashi 15 cikin ɗari, wato naira 15 a kowace naira 100 da muka yi ciniki. Albashi da dizal da kuɗin mota da hayar sito suka cinye miliyan 84, ruwan banki ya cinye 36, aka bar mana tsantsar riba ta miliyan 60, kashi 5 cikin ɗari na ciniki. Jarin masu kamfani miliyan 300 ne, don haka jarin ya haifi kashi 20 cikin ɗari. Maigidanmu Alhaji ya ji daɗin wannan, ya yi hamdala, ya ce a fara maganar rabon riba.

A makon ne kuma wata masana'anta ta tsayar da lodinmu saboda tsohon bashi. Amsar wannan tana ɗaya shafin lissafin, inda ake jera abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa.

Ma'auni na farko shi ne ka tara duk abin da zai iya zama kuɗi cikin shekara guda, ka raba da bashin da dole ka biya cikin shekarar. Muna da haja ta miliyan 340 a sito, muna bin mutane miliyan 240, ga miliyan 20 a banki: jimla 600. Masana'antu suna binmu 250, banki 150: jimla 400. Rabawar ta ba da 1.5, wato naira ɗaya da kwabo hamsin a gaban kowace naira ta bashi. Littattafan makaranta sun fi son 2, amma ga ɗan dillanci mai juya kaya da sauri 1.5 ba abin tsoro ba ne.

Sai dai masana'anta ba ta karɓar bokiti a madadin kuɗinta. Shi ya sa ake ma'auni na biyu, wanda ya fi tsanani: cire hajar gaba ɗaya, ka sake rabawa. Miliyan 260 a kan 400 ya ba da 0.65. Ko da duk wanda muke bi ya biya gobe da safe, kwabo 65 kawai muke da shi a kan kowace naira. Tazarar da ke tsakanin 1.5 da 0.65 ita ta nuna cewa ƙarfinmu duka yana jibge a sito.

Daga nan na mayar da alƙaluman zuwa kwanaki, domin kwanaki ne ɗan kasuwa ke ganewa. Ka raba haja da kuɗin sari na shekara, ka ninka da 365: kaya suna kwana 122 a sito kafin su fita. Ka raba bashin da muke bi da ciniki, ka ninka da 365: kuɗin suna kwana 73 a hannun mutane, alhali wata guda muka yi da su. Daga ranar da kaya suka shigo sito, kuɗinsu ba sa shigowa hannunmu sai bayan kwana 195. Mu kuma muna biyan masana'antu bayan kwana 89, duk da cewa 60 aka yi alkawari. Giɓin kwana 106 da ya rage banki ne ke cike shi, a shekarar da Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba. Daga nan miliyan 36 ɗin nan ta fito, kashi ɗaya cikin biyar na ɗanyar ribarmu.

Ma'auni yana gaskata duk alƙalamin da ka ba shi, don haka na ɗauki littafin bashi da na sito na bi su layi-layi. A cikin miliyan 240, akwai 90 da ta haura wata shida ba a taɓa ba, wasu ma na abokan Alhaji ne da ake jin nauyin tambayarsu. A sito akwai kujeru da tabarmi na miliyan 80 waɗanda launinsu bai karɓu a kasuwa ba, sun yi ƙura. Da na cire waɗannan biyun, 1.5 ta koma 1.08, ita kuwa 0.65 ta koma 0.43.

Na kai wa Alhaji takardar. Ya duba, ya ce, "Malam Akanta, ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba ka ce mun ci riba ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ci. Amma ribar tana hannun mutane, sauranta tana sito. In aka raba miliyan 60 yau, daga banki za a ranto ta."

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a kaina. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, farashin roba bai zauna wuri ɗaya ba, don ƙwayar robar da masana'antu ke narkawa tana bin dala. Cinikinmu ya tashi daga miliyan 960 zuwa 1,200, ƙarin kashi 25 cikin ɗari, amma hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Kuɗin sun ƙaru, yawan kayan da suka fita ya ragu. Jarin da ya haifi kashi 20 a irin wannan shekara ba zai iya saro abin da ya saro bara ba. Wani ɓangare na ribar ma tsohon kaya ne da aka saya da arha aka sayar a sabon farashi, kuma duk sai an mayar da shi, har da ƙari, kafin a sake cika sito.

Na kuma koyi iyakar waɗannan ma'aunai. Lissafin shekara hoton rana ɗaya ne, 31 ga Disamba. Kamfanin da ya tara kaya don kasuwar azumi da salla zai fito kamar yana cikin matsi, wanda kuma ya matsa wa masu bashi a makon ƙarshe zai fito kamar mai lafiya. Ma'aunin shekara ɗaya ba ya magana sai an jera shi da na shekarun baya, kuma ba a gwada ɗan dillanci da mai jemar fata a Challawa, wanda kayansa ke daɗewa a aiki.

Alhaji ya yarda aka ɗage rabon riba. Muka karya farashin kayan da suka kwanta, muka zuba kuɗin a bashin banki. Duk wanda bashinsa ya wuce kwana 60 ba a ƙara masa kaya sai ya rage, ko wane ne shi, kuma wannan ya jawo mana ɓacin rai da mutanen da muke girmamawa. Farashin sayarwa kuma ya koma bin abin da za a saro kayan gobe.

Tun daga lokacin ba na jiran ƙarshen shekara. Kowane ƙarshen wata ina fitar da ma'aunin da aka cire haja, da kwanakin bashi, da kwanakin sito, kafin in duba riba. In kwanakin bashi suka ƙaru wata biyu a jere, ina sanar da Alhaji tun kafin masana'anta ta kira shi.