Yadda ƴar mussarmu ta samu suna

Ɓeraye ne suka sa na karɓo ta. Sun huda buhun hatsi biyu a ɗakin ajiya, har sun soma cin takardun ɗalibai da nake zuwa da su gida don gyara. Wata maƙwabciya ta ba mu ƴar mussa mai wata biyu, fara, da ɗan rawaya a kunne. Ranar lahadi ta shigo gidan, shi ya sa autarmu ta ce, "Baba, a sa mata Ladi." Uwarsu ta hana nan take. A layinmu akwai dattijuwar da ake kira haka, kuma ranar da ta ji yaro yana cewa Ladi ta saci kifi, zumunci ya ɓaci. Wannan ce ƙa'ida ta farko a gidan Bahaushe: kada sunan dabba ya faɗa kan na mutum.

Sai muka koma Fara, saboda launinta. Gaɓa biyu, ga sauƙin faɗi. Mako guda muna kira, ko kunne ba ta kaɗawa. Da na saurari gidan da kyau sai na gane dalili. Tun safe ake cewa "fara wanki", "fara karatu", da maraice kuma yara su nemi kuɗin soyayyar fara. Mu mun san kalmomi uku ne daban, karin sauti da tsawon wasali ke raba su. Ita kuwa sauti kusan iri ɗaya take ji yini guda, ba abin da ke biyo bayansa. Sautin da ba ya kawo komai, mussa kan daina kula shi, kamar yadda ɗalibi kan daina jin "ku yi shiru" daga bakin malamin da ke faɗar ta kowane minti.

Mussa ba ta san ma'anar suna ba. Abin da take riƙewa shi ne wani sauti da ya saba zuwa tare da abinci ko shafa. Amfanin gaɓa biyu a nan yake. Gaɓa ɗaya kan ɓace cikin hayaniyar tsakar gida. Suna mai tsawo kuma kowa yanke shi yake yadda ya ga dama, sai dabba ta tashi da suna uku. Gaɓa biyu kowa na iya faɗin su da murya iri ɗaya, daga ni har yarinya ƴar shekara huɗu.

Muka tsaya kan Cuku, don launinta ya yi kama da busasshen cukun da ake kawowa daga wajen Tahoua. Baƙaƙensa biyu, c da k, suna fita tsaf, ba mai wannan suna a unguwa, kuma ba kullum ake ambaton cuku a gidanmu ba.

Ga yadda muka koya mata. Safe da maraice, kafin a ba ta abinci, mutum ɗaya zai tsuguna kamar taku biyu daga gare ta, ya ce "Cuku" sau ɗaya. In ta waiwayo, ya miƙa mata ɓarin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, kamar ƙwayar wake. Sau biyar ko shida ya isa. Na hana a kira sunan lokacin korar ta daga tukunya, domin sunan da ke zuwa da tsawa gudu yake koyarwa.

Bayan kwana goma na gwada ta da dabarar wasu masu bincike na Japan, Atsuko Saito da abokan aikinta, da suka buga a 2019. Sun sa kyanwowi su ji kalmomi huɗu masu tsawon sunansu, sannan sunan. Na tsaya bayanta, hannu ba kifi, na ce tuwo, gado, ruwa, bisa, ina ɗan dakatawa tsakaninsu. A ta farko ta motsa kunne, a ta huɗu ta daina. Da na ce "Cuku", kunnuwan suka juyo, kai ya biyo. Yawancin kyanwowin wancan binciken ma iyakar amsarsu ke nan, kunne da kai. Wanda ke jiran mussa ta sheƙo kamar kare zai ɗauka ba ta san sunanta ba.

Wani dare aka yi ruwa da iska, muka neme ta muka rasa. Autar tana kuka, ni kuma hankalina na kan rijiyar da ke bayan gida. Na sa kowa ya yi shiru, na ce yarinyar ta kira sau ɗaya da muryar da take ba ta kifi. A kira na uku muka ji ƴar ƙara daga ƙarƙashin tarin itacen girki, inda ta maƙale. Muka ɗaga itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ta fito jiƙe sharkaf, ta shige zanen uwarsu.