Yadda Muka Juya Karin Magana Ta Zama Taken Shagonmu

Mu biyu ne muka rubuta wannan, wa da ƙanwa, ɗaya a aji biyar ɗaya a aji uku. Babanmu yana da shagon kayan masarufi a jikin gidanmu, inda ake sayar da shinkafa, sukari, taliya, man gyaɗa, sabulu, ƙwai da sauran kayan cefane. Daga Kasuwar Singa yake saro kaya, kuma da ribar shagon ake biya mana kuɗin makaranta.

A hutun da ya wuce aka buɗe wani katafaren kanti a bakin titin unguwarmu, mai firji da fitilu. Ciniki ya ja baya har Baba ya rage sari. Wata rana bayan sallar isha'i ya ce zai sake allon shago, tunda rana ta cinye rubutun tsohon. Ya dube mu ya ce, "Ku da kuke ƙungiyar 'yan jarida, ku samo mini abin da za a rubuta a ƙasan suna. Amma kada ya yi tsawo, mai rubutun allo da yawan rubutu yake yanka kuɗi."

Muka ɗauka abu ne mai sauƙi. A daren nan muka jero karin magana a bayan littafin lissafi. Ta farko ita ce "Siyen nagari mai da kuɗi gida." Washegari da muka zaga unguwa sai muka gan ta a shagon tela da kuma jikin wata motar kaya. Take kuwa kamar suna yake, in kowa na amsa shi ba zai nuna shagonka ba. Ta biyu ita ce "Araha ba ta ado." Inna na ji ta yi dariya ta ce, "Wato ku gaya wa mutane kayanmu da tsada ke nan?" Nan muka gane cewa karin magana tana iya zama gaskiya amma ta kori mai saye.

Da muka dawo makaranta muka kai wa malaminmu na Hausa kukanmu. Bai ba mu ko karin magana ɗaya ba. Tambaya ya yi: "Su wa ke zuwa shagon naku?" Muka ce mutanen unguwa mana. Ya ce mu je mu ƙirga.

Kwana uku muna zama a shago daga la'asar zuwa magariba, muna jan layi a takarda duk wanda ya shigo. Mutum 94 muka ƙirga, 67 daga cikinsu yara ne da aka aiko, da kuɗi a dunƙule a hannu, suna maimaita saƙo a baki don kada su manta. Ashe masu sayen kayanmu na gaskiya iyaye mata ne da ke cikin gida, waɗanda ba sa ganin mudu lokacin awo. Damuwarsu kuwa sananniya ce: kada a tauye wa yaro awo, kada a ba shi fasasshen ƙwai, kada canji ya dawo da giɓi. Sai karin maganar da muke nema ta faɗo mana da kanta: "Zuwa da kai ya fi aike."

To amma ba za a rubuta ta yadda take ba, domin hakan tamkar ce wa iyaye ne kada su yarda da mu in ba sa nan. Dole a juya ta. Juyin farko da muka yi shi ne "Aike ya fi zuwa da kai." Kaka ta ce wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma mai karatu zai ji kamar ana cewa kada ya zo. Juyi na biyu shi ne "A shagonmu, ko yaro ka aiko daidai yake da ka zo da kanka." Ma'ana ta fito, sai dai ya yi tsawo, kuma ƙamshin karin maganar ya ɓace, ya koma zance kawai.

Malam ya nuna mana dabarar. Ya ce karin maganar tana da ƙafa biyu, "zuwa da kai" da "aike", sai kuma abin da ya haɗa su, wato "ya fi". Ƙafafun su ne abin da kunne ya saba da shi, don haka kada a taɓa su. Mahaɗin shi ne hukuncin, shi za a canja. Muka cire "ya fi" muka sa "tamkar", muka kawo aike gaba tunda shi ne zancenmu. Sai muka samu:

"Aike, tamkar zuwa da kai."

Muka ƙirga gaɓoɓi da tafi. Zu-wa-da-kai-ya-fi-ai-ke, takwas. Ai-ke-tam-kar-zu-wa-da-kai, takwas cif. Shi ya sa yake da daɗin faɗa kamar ta asalin. Mun gwada "kamar" a madadin "tamkar", amma "kamar" tana da ɗan rauni, don ai an ce kama da wane ba wane ba ce. Sannan muka gwada shi a kan ƙaninmu ɗan shekara shida: muka faɗa masa sau ɗaya da safe, da yamma ya maimaita ba kuskure. Wata sa'ar kuma, babu harafi mai ƙugiya a ciki, irin su ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda masu rubutun allo kan manta da lanƙwasarsu har ƙasa ta koma kasa.

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Kun san wannan alkawari ne ko?" Muka ce mun sani, amma a gaskiya sai bayan mako biyu da kafa allon muka san nauyinsa. Ranar wata Asabar shago ya cika, mu ne a kan ciniki. Wata yarinya ta zo da naira 2,000, cikin gaggawa muka ba ta canji da giɓin naira 100. A gida aka zaci ita ta ci alewa da kuɗin, har aka yi mata faɗa. Bayan magariba mahaifiyarta ta zo da ita, ta tsaya a ƙarƙashin allon, ta karanta shi da ƙarfi, sannan ta ce, "Malam, ga shi dai sai da na zo da kaina."

Kunya ta rufe mu. Baba ya lissafa cinikin, ya ga kuskuren namu ne, ya mayar da kuɗin, ya ba yarinyar haƙuri a gaban mahaifiyarta. Bai ce mana komai ba sai da aka rufe shago. Ya ce ko dai a goge rubutun, ko a yi aiki da shi.

Tun daga ranar, duk yaron da aka aiko muna rubuta masa 'yar takarda: abin da ya saya, kuɗinsa, da canjin da ya rage, mu ƙulle ta tare da canjin a leda. Ƙwai kuwa sai mun ɗaga shi mun duba a gaban yaro. Ba mu kamo katafaren kantin nan ba, amma gidaje da dama da suka ɗauke ƙafa sun dawo da aikensu, har da gidan su yarinyar nan.

In wani cikinku zai samar wa sana'ar gidansu take, ya fara zama ya ƙirga masu zuwa kafin ya buɗe littafin karin magana. Kuma kafin a kira mai fenti, a tambayi wanda zai tsaya a shagon ko zai iya cika abin da za a rubuta.