Kalmomin da na sa ƙarƙashin hoton Auta

A azumin 2024 ne ƙanwata Auta ta fara kai azumi har magariba, tana da shekara tara. Ranar na zo gida Mayahi daga Tasawa, inda nake lise. Babanmu yana cin-rani a Agadas, sai Inna ta ce in ɗauki hoto in aika mishi, in ɗan rubuta wani abu a ƙasa tunda ni ce 'yar lakwal.

Azumin ya faɗo a Maris, bakin bazara. Daga ketowar alfijir, wajen biyar da rabi, zuwa faɗuwar rana, bakwai saura, awa 13 ke nan da 'yan mintoci. Kafin ranar rabin yini take yi, ta sha hura da azahar, Inna ta ce za ta ɗinke mata rabin yau da na gobe su zama guda.

Da farko na rubuta: "Jaruma! Ko ɗigon ruwa ba ta sha ba." Sai na tsaya ina kallon hoton. Leɓenta ya bushe har ya tsage. Na tuna da la'asar, lokacin da ta kwanta a gindin randa ta ce kanta na sarawa. Inna ta tambaye ta ko tana ganin jiri, ko ta yi fitsari tun safe, don in ya ɗauke ko ya yi ja sosai, to ruwan jiki ya yi ƙasa, a ba yaro ruwa ba gardama. Ta ce ta yi, jiri kuma babu. Inna ta jiƙa mata zane ta lulluɓa, ta ce: "Auta, in kin gaji ki sha, ba ki da zunubi."

Gaskiyar Inna. Mun karanta a Risala cewa azumi bai hau kan yaro ba sai ya balaga. In na kira ta jaruma saboda ƙin shan ruwa, gobe ko tana ganin duhu-duhu ba za ta faɗa ba, don kada Baba ya ji jarumarsa ta karye. Ga kuma ɗan kawunmu, tsaranta, da ya sha ruwa da azahar. Hoton zai kai gidansu, kuma na san da shi za a yi mishi gori.

Na goge. Na so in sa "saura 29" don raha, shi ma na fasa, wannan bashi ne zan ɗora mata.

Ga abin da na aika: "Tubarkalla. Yau Auta ta kai na farko, ta buɗe baki da dabino uku da kunu. Gobe hutu. Allah ya yi mata albarka."

Bayan isha'i Baba ya kira. Ya ce a ba shi ita, muna ji yana tambayar ta ko ƙosai nawa ta ci. Ta ce bakwai. Biyar ne, ni na ƙirga.